Waiwaye: Yadda Teknetiyam Mai Gajeren Rai Ya Mamaye Ɗakunan Hoton Asibiti

Hoton eksire daga waje yake haska mutum, ya nuna siffar ƙashi. Akwai wani hoton da ke farawa daga ciki. Ana yi wa majinyaci allurar wani ɗan sinadari mai fitar da radiyeshan, sinadarin ya bi jini ya tafi gaɓar da ake son gani, kyamara kuma tana waje tana ƙirga hasken gama da ke fitowa. Abin da wannan hoto ke nunawa shi ne yadda gaɓa ke aiki: inda ƙashi ke gyara kansa, ko sashen zuciyar da jini ba ya isa. Tun farko tambayar da ta dami masu wannan fanni ita ce tsawon lokacin da ya kamata sinadarin ya ɗauka yana haskawa a jikin mutum, kuma sinadarin da ya fi amsa ta shi ne teknetiyam.

Asalin dabarar na George de Hevesy ne, wanda a 1923 ya shayar da tsiro dalma mai radiyeshan ya bi sawunta daga saiwa zuwa ganye. Bayan 'yan shekaru Hermann Blumgart a Boston ya yi wa mutane allura a hannu ɗaya, ya auna lokacin da radiyeshan ya isa ɗaya hannun, ya san saurin zagayawar jini. A wancan zamani ba zaɓi ake yi ba, abin da aka samu da shi ake aiki. Darasi mafi ɗaci ya zo ne daga wani ruwa mai suna Thorotrast, da aka riƙa yi wa mutane allurarsa daga wajen 1930 zuwa shekarun 1950 don jijiyoyin jini su fito sarai a eksire. Ba don radiyeshan ɗinsa ake ba da shi ba, amma toriyam ne a cikinsa, wanda rabin ransa ya kai shekara biliyan 14, kuma jiki ba ya fitar da shi. Sai ya kwanta a hanta da saifa da ɓargo har ƙarshen ran mutum. Hoton da aka ɗauka cikin mintuna ya jawo wa mutane da yawa sankarar hanta bayan shekara ashirin ko talatin.

Rabin rai shi ne lokacin da rabin ƙwayoyin zarra masu radiyeshan ke ɗauka kafin su rushe. Kyamara tana amfana ne da rushewar da ta auku lokacin da majinyaci ke kwance a ƙarƙashinta, wataƙila minti ashirin ko talatin. Duk rushewar da ta biyo bayan ya tashi ya tafi gida, jikinsa ne ke shanye ta, likita kuma bai ƙaru da komai ba. A nan amfanin gajeren rai yake. Ɗauki sinadarai biyu da ke haskawa da ƙarfi ɗaya a lokacin allura, ɗaya rabin ransa awa 6, ɗaya kwana 8, wato awa 192. Idan jiki bai fitar da ko ɗaya ba, na biyun zai yi rushewa ninki 32 na na farkon kafin ya ƙare, alhali a ƙarƙashin kyamara haskensu ɗaya ne. In aka juya lissafin, mai gajeren rai yana ba likita damar ba da allura mai ƙarfi, kyamara ta ƙirga haske mai yawa, hoto ya fito tas ba dishi-dishi ba, kuma nauyin da ya hau majinyaci ya kasance kaɗan.

Ban zaɓi kwana 8 haka kawai ba. Rabin ran aidin-131 ke nan, wanda John Livingood da Glenn Seaborg suka gano a 1938, kuma shi ya riƙe wannan fanni shekaru masu yawa. Bayan tsawon ransa, yana kuma fitar da ƙwayoyin beta, waɗanda ba sa fita daga jiki balle kyamara ta gan su, sai dai su zube ƙarfinsu a naman da ke kusa. Shi ya sa har yau ake amfani da shi wajen kashe ƙwayoyin tayirod, wata gaɓa da ke gaban wuya, da suka yi yawan aiki ko suka kamu da sankara. Abin da ya sa ya yi kyau a magani shi ne ya rage masa daraja a hoto.

Teknetiyam kuwa a 1937 Carlo Perrier da Emilio Segrè suka gano shi a Palermo, cikin wani guntun molibdinam da aka aiko musu daga na'urar Ernest Lawrence da ke Berkeley. Shekara guda bayan haka Segrè da Seaborg suka gano nau'insa da ake rubutawa Tc-99m. Da za a ce wa masanin hoto ya faɗi irin sinadarin da yake so, da wuya ya faɗi wanda ya fi wannan. Rabin ransa awa 6 ne. Ba ya fitar da beta a rushewarsa ta yau da kullum, sai hasken gama mai ƙarfin 140 keV a ma'aunin ƙarfin irin wannan haske, wanda ya isa ya ratsa nama ya fito, amma bai yi ƙarfin da zai huda dalmar gaban kyamara ya ɓata hoto ba. Duk da haka ya yi kusan shekara ashirin ba a waiwaye shi a asibiti ba, kuma dalilin a fili yake. Abin da ke raguwa da rabi kowane awa 6, in ya kwana ɗaya a hanya saura kashi ɗaya cikin 16. Wa zai yi odar kayan da zai ƙare kafin ya iso?

A 1958 aka warware wannan ƙulli a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Amurka. Walter Tucker da Margaret Greene suna aikin tace wata na'ura da ke samar da aidin-132, sai suka ga wani gurɓi na biyo shi. Da suka bincika, teknetiyam ne, wanda molibdinam-99 da ya maƙale a cikin na'urar ke haifarwa. Daga nan tunanin ya zo: a daina ƙoƙarin aika ɗan, a aika uwar. Molibdinam-99 rabin ransa awa 66 ne, kusan kwana uku, zai iya jure tafiya. Powell Richards ya yi ta tallata dabarar ga likitoci daga 1960, Paul Harper da Katherine Lathrop a Chicago suka nuna amfaninta a jikin majinyata, kuma aka yi dace kyamarar gama da Hal Anger ya ƙera a ƙarshen shekarun 1950 ta yi daidai da irin wannan haske.

Ana kiran na'urar janareta, ko da yake ba ruwanta da wutar lantarki. Ɗan bututu ne cike da garin alumina, an lulluɓe shi da dalma mai kauri. Molibdinam yana kama alumina gam, amma da zarar ƙwayarsa ta rikiɗe ta koma teknetiyam sai riƙon ya yi sako-sako. Da safe ma'aikaci zai soka kwalbar ruwan gishiri a baki ɗaya, ya soka kwalbar da aka zuƙe iskarta a ɗaya bakin. Ruwan ya ratsa garin ya wanko teknetiyam, uwar ta zauna inda take. Ma'aikatan fannin suna ce wa na'urar saniya, aikin kuma tatsa, kuma sunan ya dace, domin bayan an tatse sai teknetiyam ya sake taruwa, ya kai ƙololuwarsa cikin kamar awa 23. Wato kowace safiya akwai sabo.

Mu bi allura ɗaya. Babban mutum ya zo hoton ƙashi. An haɗa ruwan da aka tatsa da wani sinadarin fosfet mai son ƙashi, aka yi masa allurar megabekarel 740, wato ma'aunin yawan rushewa a kowace daƙiƙa, da ƙarfe 9 na safe. Ba nan take za a ɗauki hoto ba, sai an jira kamar awa uku, yana ta shan ruwa, don sinadarin ya zauna a ƙashi, wanda bai zauna ba kuma ya fita ta fitsari. Da ƙarfe 12 rushewa kaɗai ta rage shi zuwa kamar 520, kuma wannan ya wadatar. Da ƙarfe 3 na yamma saura 370, washegari da ƙarfe 9 bai wuce 46 ba. A gaskiya abin da ke jikinsa bai ma kai haka ba, tunda ƙoda ta fitar da kaso mai yawa. Wannan jiran na awa uku yana nuna cewa gajarta ma tana da iyaka. Oksijin-15, mai rabin ran minti biyu, da ya ƙare ƙaf kafin ƙashi ya karɓe shi. Abin nema shi ne rabin ran da ya yi daidai da tsawon aikin da jiki zai yi, a gani na kuma wannan ne ainihin dalilin da awa 6 ta yi nasara.

Saniyar tana da cututtukanta, kuma ana duba su kafin allura ta taɓa kowa. Mafi girma shi ne molibdinam ya kuɓuce ya biyo ruwan, domin zai je hanta ya zauna da ransa na awa 66 da betarsa. Gano shi da sauƙi: a saka kwalbar cikin gwangwanin dalma, wanda zai tare hasken teknetiyam amma ya bar na molibdinam, mai ƙarfin 740 keV, ya wuce zuwa ma'auni. Iyakar da Amurka ta sa ita ce kilobekarel 0.15 na molibdinam a kowane megabekarel na teknetiyam a lokacin allura. Wannan sharaɗi na lokacin allura yana da dalili. Teknetiyam ya fi uwarsa saurin ƙarewa, don haka kwalbar da ta nuna 0.05 da asuba za ta kusa 0.1 bayan awa 6, bayan awa 12 kuma ta haura iyaka, ba tare da an ƙara mata komai ba. Ana kuma ɗiga ruwan a wata takarda mai sauya launi don a ga ko alumina ya zubo. In kuwa iska ta shiga kwalbar haɗi, teknetiyam ya saki fosfet ɗinsa, hoton da kansa zai tona asiri: maimakon ƙashi kaɗai, sai a ga tayirod da tumbi da glandan yawu suna haske.

Janareta bai kashe matsalar lokaci ba, ɗaga ta ya yi daga awa 6 zuwa awa 66. Molibdinam na asarar kusan kashi 1 cikin 100 kowace awa, bayan mako guda saura wajen kashi 17, don haka sai a sake sabuwa kowane mako ko biyu, kuma babu yadda za a yi a tara shi a sito. Ana samun yawancinsa ne daga fasa yuraniyam-235 a cikin tsirarun tukwanen nukiliya na bincike, mafi yawansu tsofaffi. A watan Mayun 2009 tukunyar Chalk River ta Kanada ta tsaya saboda yoyo, ba ta dawo ba sai Agustan 2010, a cikin wannan tsakani kuma ta Petten da ke Holan ita ma aka rufe ta watanni don gyara. Asibitoci a ƙasashe da dama suka riƙa ɗage hotuna, suna ware 'yar allurar da ta samu ga masu larura mafi tsanani, wasu kuma suka koma wa taliyam-201 a hoton zuciya, tsohon sinadari mai rabin ran awa 73, wanda hotonsa bai kai na teknetiyam kyau ba, radiyeshan da yake ɗora wa majinyaci kuma ya fi yawa. An rufe tukunyar Chalk River baki ɗaya a 2018, nauyin ya koma kan na Turai da Afirka ta Kudu da Ostireliya.