Hoto ɗaya, gurbi uku: yadda za a ƙera hoton talla da ba ya yankewa

Tambaya: "Humra nake sayarwa a kasuwar Wuse. Da manhajar ƙirƙirar hoto nake yin tallata, amma in hoton ya yi kyau a shafin kasuwa na Jiji, sai murfin kwalba ya yanke a allon talla. Dole ne kowane gurbi in rubuta masa umarni daban?"

Ba dole ba ne, Hajiya. Ki yi uwar hoto guda ɗaya mai faɗi da tsawo daidai, wato 1:1, sannan ki yanko sauran daga jikinta. Ga lissafin da hoto mai fiksel 2400 faɗi, 2400 tsawo.

Sitori da sitatus a tsaye suke, 9:16, don haka suna cin tsawon hoton duka, amma faɗin da ke rage musu 1350 ne kawai daga tsakiya. Allon talla na 1.91:1 kuwa a kwance yake: yana cin faɗin duka, ya bar tsawon kusan 1257. Ke nan abin da ke tsira a yankan biyu shi ne akwatin tsakiya mai faɗin 1350 da tsawon 1257. Duk abin da ya leƙa wajensa, ɗaya daga cikin biyun zai sare shi. Mu dai shawararmu, kada kwalbar ta wuce fiksel 1100 ta kowace fuska, ƙasa kaɗan da rabin hoton, don ta samu tazara daga bakin yanka.

Tambaya: "To ba za ta yi ƙanƙanta a shafin kasuwa ba?"

Za ta yi, in kika ɗora uwar hoton yadda take. Ki yanko 1400 da 1400 daga tsakiya, ki rage shi zuwa 1080 da 1080, sai tsawon kwalbar ya cike kusan kashi 80 cikin 100. Na sitori ya koma 1080 da 1920, na allo 1200 da 628. Duka ukun ragewa ake yi, shi ya sa ba sa dusashewa. Ki lura, manhajoji da yawa 1024 da 1024 suke bayarwa, kuma in kika yanki 9:16 daga nan faɗin 576 kacal za ki samu. Ki fara ƙara girman hoton tukuna, yanka ya biyo baya.

Tambaya: "Me zan rubuta a umarnin?"

Ki faɗi girman kwalbar, inda za ta zauna, da abin da zai kewaye ta:

```
one perfume bottle, centered, 45% of frame height,
plain fabric backdrop, empty space on all sides --no text --ar 1:1
```

`--ar` da `--no` ɗin nan na manhajar Midjourney ne, wasu manhajojin kuwa maɓalli ake taɓawa don zaɓar 1:1. Manhaja ba ta cika bin adadin da aka ba ta daidai ba, saboda haka ki zana akwatin tsakiyar nan a manhajar tsara hoto ta Canva, ki ɗora kowane hoto a ƙarƙashinsa ki gani. Wanda murfinsa ko inuwarsa ta ƙetare layi, a sake shi.

Abin da ke baya ya fi ba mutane wahala. In aka jera kaskon turare a hagu da furanni a dama, sitori zai fito da rabin kasko. Yadi mai launi ɗaya ko bango lafiyayye, ko ta ina aka yanka ba a gane an yanka. Kuma tunda mai saye abin da ya gani yake jira a kai masa Kubwa ko Gwarinpa, ya fi kyau manhaja ta ƙera bayan kawai, ki ɗora ainihin hoton kwalbarki a kai.

Tambaya: "Me ya hana in sauya 1:1 zuwa 9:16 da umarnin nan ɗaya?"

Sabon hoto za ta zana. Siffar kwalba, haske da launin humrar duk suna iya sauyawa, sai wadda ta gani a sitatus ta zo Jiji ta ga kamar wani kaya ne daban.

Tambaya: "Farashi da lambar waya fa?"

Da hannu za ki sa su bayan yanka, domin manhaja na karkatar da haruffa, balle ƙ da ɗ. A sitorin Instagram ki bar kusan fiksel 250 a sama, inda sunanki ke fitowa, da kusan 340 a ƙasa, inda wurin amsa yake. Farashi ya zauna dab da gindin kwalba. A allon talla kuwa gefen hagu da dama ne filin rubutu. Kafin ki saki, ki duba a ƙaramar waya, ba a kwamfuta kaɗai ba.

Siririn allo irin na 728 da 90 kuwa wannan dabarar ba ta ɗaukarsa, don tsawon kusan 297 yake bari daga uwar hoton. Shi sai ki cire kwalbar daga bayanta, ki ƙanƙanta ta a gefe ɗaya, rubutu ya cike sauran.