Kare bayanan mahalarta taro a takardar rajista

Takardar rajista, wadda a Damagaram aka fi ce ma lis ɗin taro, ita ce takardar da ake miƙa wa duk wanda ya zo taro ko horo ya rubuta sunansa da unguwarsa ko garinsu, lambar waya, wurin aiki, wani lokaci har lambar katin ɗan ƙasa, sannan ya sa hannu. Kare bayanan da ke cikinta na nufin a san me za a tambaya, wa zai gani, har yaushe za a aje, da kuma yadda za a hallaka ta in ta gama amfani.

A Nijar dokar farko kan wannan fanni ita ce mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayu 2017, daga baya doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022 ta maye gurbinta, kuma hukumar da ke sa ido ita ce HAPDP da ke Yamai. Abin da dokar ke nema daga mai shirya taro ba shi da wuyar ganewa: ka faɗa wa mutum dalilin karɓar bayaninsa, kar ka karɓi fiye da abin da dalilin ke buƙata, kar ka juya shi zuwa wani amfani daban, kar ka aje shi fiye da lokacin da ake buƙatarsa. Shi kuma mai bayanin yana da haƙƙin ya ga abin da aka rubuta a kansa, ya sa a gyara, ko ya ƙi a yi amfani da shi in yana da hujja.

Inda matsalar take

Galibin ɓarnar daga haɗa komai a takarda guda take tasowa. Lis ɗaya ne shaidar halarta, shi ne takardar biyan kuɗin mota, shi ne kuma kundin lambobin waya, to kowane aiki cikin ukun nan yana da mutanensa da wa'adinsa. Takardar biyan kuɗi shaida ce ta lissafi, kuma dokar lissafi ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka wadda Nijar ke cikinta, ta ce a aje littattafan lissafi da takardun shaidarsu shekara 10. Lambar waya kuwa amfaninta kan ƙare da zarar an raba takardun shaidar horo. In suna shafi guda sai lambar wayar ma ta zauna shekara 10, ta bi fotokofi zuwa wajen kontabul da mai ba da kuɗin aikin da masu binciken lissafi, alhali ba ɗayansu da ke da niyyar kiran kowa.

Ga kuma yadda takardar ke yawo a zaure hannu zuwa hannu, wanda ya sa hannu na talatin ya karanta na mutum ashirin da tara kafin shi, kuma ɗaukar hoto da waya bai kai ƙiftawar ido ba. Mata ne suka fi shan wahalar wannan, kwana biyu bayan taro sai baƙuwar lamba ta fara kira da dare, ko a kira mutum a ce daga masu taron ne wai akwai ragowar kuɗinsa amma ya fara turo wani abu. In mutum uku huɗu da suka zauna taro ɗaya suka samu irin wannan kira a sati guda, to kusan tabbas lis ɗin ya fita.

Misali da horon kwana uku

A ɗauka wata ƙungiya ta shirya horon kwana 3 a Zinder wa mata 40 masu sana'a, wasu daga Birni da Zango da Garin Malam, wasu daga Mirya da Matamai, ana ba kowace jika 5 a rana kuɗin mota, jimla jika 600 ke nan da dole a kawo shaidarsu.

Abin da ya dace a yi takarda uku. Ta halarta suna da gari da sa hannu kawai, ita ce ke yawo a zaure, ita ce kuma za a liƙa a rahoto. Ta biyan kuɗi tana hannun mai biya, kowace mace ta zo teburi ita kaɗai ta sa hannu ko ta dangwala yatsa, in mai ba da kuɗin aikin ya nace sai an sa lambar katin ɗan ƙasa to a nan kaɗai za ta shiga, kuma a duba katin a mayar wa mai shi nan take, tara fotokofin kati 40 a kwali kaya ne da ba wanda zai iya tsaronsu. Ta ukun ita ce ta lambobin waya, mutum ɗaya ke cike ta a bakin ƙofa, da gurbin da za a tambayi kowace ko ta yarda a sa ta a gurup ɗin Watsap, ko ta yarda a kira ta wani taron gaba. Wannan tambaya da baki ake yinta da Hausa, don da yawa ba sa karanta Faransanci, kuma sa hannu a ƙarƙashin rubutun da mutum bai gane ba ba yarda ba ce. Wadda ta ce a'a ta shiga horonta ta karɓi kuɗinta kamar kowa.

Wa'adi kuma a rubuta shi tun ranar farko a goshin kowace takarda. Ta biyan kuɗi ta shiga kabad mai makulli tare da sauran takardun lissafi. Ta halarta ta zauna har a rufe aikin a gama bincikensa, gwargwadon abin da yarjejeniya da mai ba da kuɗi ta faɗa. Ta lambobi ƙungiya ce ke yanka mata lokaci, misali wata uku bayan raba takardun shaida, daga nan a bar sunayen waɗanda suka yarda a sake kiransu kawai. Hallakawa kuma a ƙone ko a yayyaga ƙanana, don tsoffin takardun biro sau da yawa wajen mai ƙosai da mai tsire suke ƙarewa ana naɗe kaya da su. A tuna da kwafin da ke ordinata da kile da wayar sakatare, da wanda ya rage a shagon fotokofi.

Rabawa

Mai ba da kuɗi galibi adadi yake so, mata nawa, daga gari nawa, sai a ba shi adadin. In wata ƙungiya ta ce a ba ta lambobin don tana da nata horo, hanya mafi tsabta ita ce ku ku isar da saƙonta ga matan da suka yarda, mai so ta kira da kanta. Kar a tura hoton lis a gurup, ko an goge saƙon ya riga ya sauka a wayoyin mutane, kuma shi kansa gurup ɗin yana nuna wa kowa lambar kowa, shi ya sa ake neman yarda kafin a sa mutum. A Excel ɓoye layin lambobi da Masquer bai cire komai ba, wanda ya karɓa zai buɗe shi da dannawa biyu, sai dai a kwafe abin da ake so zuwa sabon fayil. A imel na mutane da yawa a sa adireshi a gurbin Cci, wato Bcc, don kar wani ya ga adireshin wani.

Akwai tarukan da sunan mutum kaɗai a lis ya isa tona asiri, kamar na masu ɗauke da cutar sida, ko matan da suka yi fama da yoyon fitsari, ko taron jam'iyya. Doka ta ware bayanan lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa a matsayin masu buƙatar tsaro na musamman. A irin wannan taro ana ba kowa lamba a maimakon suna, takardar da ta haɗa lamba da suna ta zauna wajen mutum ɗaya a kulle, kuma kar a rubuta ainihin jigon taron a saman takardar da ke yawo, kwanan wata da lambar aikin sun isa.