Tumɓuke shuka daga tukunya ba a kama kara a ja

Mutane da yawa sun ɗauka idan saiwa ta cika tukunya, sai a kama gindin shuka a fizge da ƙarfi. Wasu ma sai su bar ƙasar ta bushe ƙayau, wai ta fi saurin fita. Nan ne ɓarnar take. Ƙananan saiwoyi masu kamar gashi, su ne ke shan ruwa, kuma su ne ke fara tsinkewa idan aka ja.

Ɗauki dashen lemun tsami da ya shekara 2 a tukunyar roba, har saiwa ta leƙo ta ramukan gindin tukunyar. Ka ba shi ruwa sosai tun daren jiya, domin jiƙaƙƙiyar saiwa tana lanƙwasa ba ta karye ba. Da safe ka yanke saiwoyin da suka leƙo waje da almakashi, su ne ke riƙe tukunyar kamar ƙugiya. Sai ka kwantar da ita, ka matsa gefe-gefe kana juyawa, ka zura wuƙa mara kaifi ta zagaye bangon ciki. Sa kara tsakanin yatsunka, ka kife tukunyar, ka bubbuga gindinta. Tukunyar ake zarewa daga shuka.

Idan ta ƙi, musamman tukunyar ƙasa mai ƙaramin baki, ni dai gara in fasa ta. Ina jin takaicin ganin an kashe itacen shekara 2 saboda tukunya.

Bayan shukar ta fito, ka warware saiwoyin da suka naɗe da yatsu a hankali kafin ka dasa, bayan dashen kuma ka ajiye ta a inuwa kamar mako guda.