Ma'anar "kasuwa ta ce akwai yiwuwar kashi kaza"

Kwana biyun nan duk tashar labaran kuɗi da ka buɗe sai ka ji mai sharhi yana cewa wai kasuwar opshan ta nuna akwai yiwuwar kashi kaza cikin ɗari gangar mai ta kai dala kaza, yana faɗa kamar an buga ƙasa an gano. Lambar kam ba ƙirƙirarta ya yi ba, akwai inda ake cirota, amma abin da take nufi daban da abin da yake gaya wa mutane.

Opshan ɗin saye, wanda ake ce wa kol, haƙƙi ne na sayen kaya a wani farashi da aka yanke zuwa wata rana, in ka ga dama. Kuma ba farashi ɗaya ake yankewa ba, akwai na dala 75, na 80, na 85, haka dai jere, kowanne da kuɗinsa. A 1978 Douglas Breeden da Robert Litzenberger suka nuna cewa daga jerin kuɗin nan za a iya fito da nauyin da kasuwa ta ɗora wa kowane farashi a ranar ƙarewa.

Bari mu ɗauki lambobi na misali. Ganga tana dala 80, kol na 75 ana sayar da shi 7.40, na 80 kuma 4.10, na 85 yana 1.90. Sai ka sayi na 75 guda ɗaya, ka sayar da na 80 guda biyu, ka sayi na 85 guda ɗaya, wannan haɗin shi 'yan harkar ke kira batafulai. Abin da ka kashe shi ne 7.40 − 8.20 + 1.90 = 1.10. To me za ka samu? In ranar ƙarewa mai ya tsaya daidai 80 ka ci dala 5, yana matsawa hagu ko dama abin yana raguwa, in ya kai 75 ko 85 ko ya wuce ba ka da ko sisi. Wato ka biya 1.10 kan cewa farashi zai ƙare kusa da 80. Raba 1.10 da 5 ka samu 0.22, kusan kashi 22 cikin ɗari ke nan na ya faɗa tsakanin 77.50 da 82.50, in an ajiye ɗan gyaran kuɗin ruwa gefe. Ka maimaita a kowane mataki, sai zanen yadda yiwuwar ta rabu a kan farashi daban-daban ya fito kamar tudu.

Yanzu ga abin da ke ba ni haushi. Wannan 22 ɗin farashi ne, abin da mutane suka yarda su biya, kuma mutum yana biyan fiye da kima don kare kansa daga ranar da zai fi shan wuya. Kamar inshorar gobara ce, kuɗin da kake biya ya fi ainihin yiwuwar gobarar, don in ta tashi ranar ne ba ka da komai. Shi ya sa tun bayan 19 ga Oktoba 1987, ranar da ma'aunin hannayen jarin Amurka na S&P 500 ya zube kusan kashi 20 cikin ɗari, opshan ɗin kariya daga faɗuwa ya zama mai tsada a kasuwar hannayen jari, ɓangaren hagu na zanen, wato wajen ƙananan farashi, galibi a kumbure. Hasashe da tsoro a cakuɗe suke cikin lambar, kuma farashin opshan shi kaɗai ba zai raba maka su ba. Ni a ganina wannan ma shi ne amfaninta, tana nuna abin da masu kuɗi ke tsoro, amma a daina sayar mana da ita a matsayin duba.

Sai kuma lissafin kansa, ba ya son ƙura ko kaɗan. Koma misalinmu, a ce kuɗin na 80 ya kuskure da santi 10 kacal, abin da tazarar farashin mai saye da mai sayarwa ma za ta iya jawowa, tunda biyu ka sayar kuskuren ya zama santi 20, amsarka ta koma kashi 18 ko 26. In kuma matakan dala ɗaya-ɗaya ka yi amfani da su don wai ka fi samun daidai, batafulai ɗin bai kai santi 5 ba, wannan kuskuren zai iya kai shi ƙasa da sifili. Da ka ga yiwuwa ƙasa da sifili ko zane mai haƙoran zarto, bayananka ne suka lalace, galibi tsohon farashi ne na opshan ɗin da ba a taɓa shi ba tun safe. Don haka masu aikin sukan fara juya farashin zuwa ma'aunin hawa da sauka na Black-Scholes, wato sanannen lissafin ƙiyasta kuɗin opshan, su daidaita layin ya yi sumul, su mayar da shi farashi, sannan su yi lissafin.

Can gefe-gefe kuma, inda matakan da ake ciniki suka ƙare, babu bayani sam, mai zanen ne ke ja da hannunsa bisa zaton da ya zaɓa. Mutum biyu da farashi iri ɗaya za su iya ba ka amsa biyu kan yiwuwar mai ya kai dala 150, kuma irin wannan lambar ta can gefe ita 'yan sharhi suka fi son karantowa.