Ƙarin Gishiri a Takardar Neman Aiki: Ina Iyakarsa, Kuma Ta Yaya Ake Gano Ƙarya?

Ai kowa yana ɗan zuzuta kansa in zai nemi aiki. Yaushe ne abin yake zama ƙarya?

Ka ɗauki layi ɗaya a takardarka ka tambayi kanka: shin akwai wani ofis da ke riƙe da rajistar da za ta gaskata wannan layin ko ta ƙaryata shi? Idan ka rubuta cewa kai mai ƙwazo ne, mai iya zama da jama'a, wannan ra'ayinka ne a kan kanka. Babu rajistar ƙwazo a ko'ina, kuma mai ɗaukar aiki ya san haka. Amma sunan muƙamin da ka riƙe, ranar da ka fara aiki da ranar da ka bari, digirin da ka ce kana da shi, lasisin sana'a, duk waɗannan a rubuce suke a wani wuri da ba kai ke riƙe da makullinsa ba. Ko dai haka ne, ko ba haka ba ne.

Abubuwa uku ne kan haɗu kafin a kira magana yaudara. Maganar ba gaskiya ba ce, mai ita ya san ba gaskiya ba ce, sannan ta shafi abin da mai ɗaukar aiki ya dogara da shi ya yanke shawara. Na ukun nan shi ne mutane suka fi mantawa da shi. Wanda ya rubuta Mayu alhali a Yuni ya fara aiki, kuskure ya yi, ba kuma a kan wannan watan aka ɗauke shi ba. Wanda kuwa ya rubuta digirin da aka gindaya a matsayin sharaɗin aikin alhali bai kammala ba, da ƙaryar ya buɗe ƙofa.

A nuna mana da misali, don maganar ta zauna.

A ɗauka wani ya yi aiki a kamfanin rarraba kaya a matsayin mataimakin jami'in sito, daga Maris 2019 zuwa Agusta 2021. Lokacin da manaja ya tafi hutu, shi aka bar wa riƙo na wata uku, yana lura da ma'aikata 12. A shekarar ce kuma sashen ya sauya tsarin ƙirga kaya, asara ta ragu sosai, kuma da shi aka yi aikin. Bayan ya bari, sai ya zauna ba aiki har Afrilu 2022.

Ga abin da zai iya rubutawa ba tare da ya taka layi ba: "Mataimakin jami'in sito, Maris 2019 zuwa Agusta 2021. Na riƙe muƙamin manaja na wucin gadi tsawon wata uku, ina lura da ma'aikata 12. Ina cikin waɗanda suka tsara sabuwar hanyar ƙirga kaya da ta rage asara." Ya fito da mafi kyawun abin da yake da shi, bai kuma ambaci ranakun da aikin ya ba shi wahala ba. Babu laifi a nan, takardar neman aiki ba wurin tonon asirin kai ba ce.

Ga kuma yadda da yawa kan rubuta: "Manajan sito, 2019 zuwa 2022. Na rage asarar kaya da kashi 30 cikin 100." A wannan ɗan layin ƙarya uku ce, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Riƙon wata uku ya koma muƙami na shekara uku. An ja ranar barin aiki har 2022 don a rufe watannin zaman gida. Aikin tawaga ya zama na mutum ɗaya, da wani adadi da ba shi da takardar da zai nuna a kansa. Ta ukun tana iya wucewa, don ba kowa ke da hanyar auna ta ba. Biyun farko kuwa kiran waya ɗaya ya ishe su.

A ganina ta biyun ce ta fi zama wauta. Zaman wata bakwai ba aiki abu ne da ake bayaninsa da jimla biyu a wurin ganawa: an rage ma'aikata, ko jinyar wani na gida, ko neman aikin ne bai dace da wuri ba. Masu ɗaukar aiki suna jin irin wannan kullum. Amma da zarar an gano an ja kwanan wata, ba maganar giɓi ake ba kuma, maganar amana ake.

To, in na rubuta shekaru kawai ban sa watanni ba fa?

Idan shekarun gaskiya ne, ba ka yi ƙarya ba. Sai dai yawancin manyan ma'aikatu suna ba da nasu fom na daban, inda ake neman wata da shekara, da dalilin barin kowane aiki, kuma a ƙasansa ka sa hannu cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne kuma cikakke. Barin wani gajeren aiki daga takardarka zaɓi ne. Barinsa daga fom ɗin da ya ce a lissafa duk ayyuka ɓoyewa ne, kuma wannan sa hannun ne ake fito da shi ranar sallama.

Me masu binciken bayanan mai neman aiki suke yi a zahiri?

Aiki ne na gwada takarda da takarda, ba wani tsafi a ciki. Sau da yawa kamfani ne na daban ake ba kwangilar, kuma galibi sai an yi wa mutum tayin aiki bisa sharaɗin sakamakon bincike.

A ɓangaren aiki, ba tsohon maigidanka ake fara kira ba, sashen kula da ma'aikata ake tuntuɓa. Kamfanoni da yawa, saboda gudun shari'a, ba sa faɗin komai sai muƙami da ranar farawa da ranar bari. Wasu masu neman aiki suna jin wannan sai hankalinsu ya kwanta, alhali waɗannan abubuwan ne daidai inda mutumin misalinmu ya yi ƙari. Ma'aikaciyar da ta amsa ba ta san shi ba, ba ta da niyyar tona masa asiri. Ta buɗe rajistar albashi ne kawai ta karanta: mataimakin jami'in sito, ya bari Agusta 2021. A Amurka ma ba sai an kira kowa ba a lokuta da yawa, domin akwai rumbun bayanai mai suna The Work Number na kamfanin Equifax, wanda ke karɓar bayani kai tsaye daga tsarin biyan albashin kamfanoni.

A ɓangaren karatu, ofishin rajistara na makarantar ake tambaya, ko cibiyar da ke tattara bayanan makarantu, irin National Student Clearinghouse a Amurka ko HEDD a Birtaniya. Amsar takan bambance wanda ya halarta da wanda aka ba digiri. Shi ya sa wanda ya yi shekara uku ya bari, sannan ya rubuta sunan digiri kamar ya gama, yake saurin kamuwa. Ana kuma duba ko makarantar kanta tana da amincewar hukuma, saboda masu sayar da takardun digiri.

Idan na ba da sunan abokina ya ce shi ne shugabana a wurin aiki?

Mai bincike da ya san aikinsa ba ya kiran lambar da ka ba shi kai tsaye. Yakan nemo babbar lambar kamfanin da kansa, ya nemi a haɗa shi da mutumin, ko ya aika saƙo ta adireshin imel na kamfani. Mai ba da shaida da ba shi da komai sai lambar hannu da imel na kansa, tun nan an sa masa alamar tambaya.

Ko da an kira shi, tambayoyin ne ke kayar da shi. Ba a cewa "Shin manaja ne?" don ya amsa da e. Cewa ake, "Wane muƙami ya riƙe a ƙarƙashinka? Mutum nawa ne ke kai masa rahoto? Wa ya gaje shi da ya tafi?" Shugaba na gaske yakan yi ɗan jim, ya tuna, ya ma ambaci wani rauni. Abokin da aka yi wa bita yabo yake zubawa ba ƙaƙƙautawa, sai an tambaye shi wace manhaja ake ƙirga kaya da ita a siton ya fara inda-inda. Tambayar da ta fi kowacce nauyi ita ce, "Za ka sake ɗaukarsa?" Shirun daƙiƙa uku kafin amsa yakan isa.

In an riga an ɗauke ni, na kuma yi shekaru ina aiki lafiya, ai magana ta wuce ko?

Ba ta wuce ba, kuma ƙarin girma ne ma yake tayar da ita. Marilee Jones ta yi kusan shekara 28 a jami'ar MIT har ta zama shugabar sashen ɗaukar ɗalibai, amma a 2007 ta ajiye aiki bayan an gano digirorin da ta ce tana da su tun lokacin da aka ɗauke ta a 1979 ba ta da su. Scott Thompson ya zama shugaban Yahoo a farkon 2012, ya sauka a watan Mayu na shekarar, bayan wani mai hannun jari, Daniel Loeb, ya nuna cewa digirinsa na akanta ne kawai, babu na kimiyyar kwamfuta da aka haɗa masa a tarihinsa.

A wasu ƙasashe abin yakan wuce sallama. Dokar zamba ta Birtaniya ta 2006 ta sa faɗin ƙarya da gangan don samun riba laifi ne da hukuncinsa zai iya kai ɗaurin shekara 10. Jon Andrewes, wanda ya sami shugabancin wani gidan kula da marasa lafiya da takardun karatu na ƙarya, an ɗaure shi shekara biyu a 2017. Lauyoyinsa sun ce ai ya yi aikin da aka biya shi dominsa. A 2022 Kotun Ƙoli ta ce duk da haka za a ƙwace wani ɓangare na albashin, wato bambanci tsakanin abin da ya samu da ƙarya da abin da zai samu ba da ita ba.

Idan binciken ne ya yi kuskure fa?

Yana faruwa. Sunaye kan zo ɗaya, kamfani kan rufe ko wani ya saye shi rajista ta rikice, ko kuma sunan muƙami a takardar albashi ya bambanta da wanda ake kiran mutum da shi a ofis. A Amurka, dokar Fair Credit Reporting Act ta wajabta a nemi izininka a rubuce kafin kamfanin bincike ya haɗa rahoto, a kuma ba ka kwafinsa kafin a yanke shawarar ƙin ɗaukarka a kansa, don ka sami damar ƙalubalanta. Dokokin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma abin da ke warware irin wannan saɓani ɗaya ne: takardar kama aiki, takardar ƙarin girma, takardun albashi na watan farko da na ƙarshe. Idan muƙaminka na rajista "jami'i mai daraja ta biyu" ne amma aikin shugaban tawaga kake yi, rubuta na rajistar a matsayin muƙami, ka bayyana shugabancin a layin da ke ƙasa, ka kuma gaya wa wanda zai ba da shaidarka cewa za a kira shi a kan haka.