Takardar duba aiki mai akwatunan maki: yadda ake haɗa ta a Word ko Excel

Ma'aikatanmu na zagaye ba su da waya, da biro suke cike komai. Wane irin akwati zan sa musu a Word?

Kada ka taɓa akwatin da ke ƙarƙashin Developer. An yi shi ne don a danna a kwamfuta. Idan jeri ne gajere, rubuta 2610 ka danna Alt+X, nan take zai koma ☐. Amma ni na fi son tebur, domin gidan tebur da aka bari babu komai a ciki shi kansa akwati ne, kuma kai ne za ka yanke girmansa.

A ce mutanenka famfunan ruwa suke dubawa. Faɗin takardar A4 santimita 21 ne. Ka bar gefe 1.5 dama da hagu, saura 18. Shiga Insert, zaɓi Table mai ginshiƙi biyar: lamba santimita 1, abin dubawa 9, "Eh" 1.5, "A'a" 1.5, ƙarin bayani 5. Tsayin kowane layi ya zama 0.9, a Table Properties, ƙarƙashin Row. Tsawon takardar 29.7 ne; idan ka cire gefe 1.5 sama da ƙasa, ka ware santimita 4 don sunan ma'aikaci da kwanan wata da lambar famfo, za ka samu wurin layi kusan 25. Mutumin da yake tsaye a rana, ya ɗora takarda a kan cinya ko katako, makinsa ba ya zama tsaf a ɗan mitsitsin gida. Ka ba shi fili.

Me ya sa gida biyu? Akwati ɗaya bai isa ba?

Nan ne aka fi yin kuskure. Takarda ta dawo ofis, layin "hannun famfo yana aiki" babu maki. Shin hannun ne ya lalace, ko ma'aikacin ne ya tsallake layin? Babu mai iya gaya maka, shi ma bayan kwana uku ya manta. Da "Eh" da "A'a", layin da ba a taɓa ba yana nufin abu ɗaya tak: ba a duba ba. Idan akwai abin da ba kowane famfo ke da shi ba, ka rage gidan bayani ka ƙara "Bai shafa ba".

Sannan kowane layi tambaya ɗaya. "Famfo yana ba da ruwa kuma ba ya yoyo" tambaya biyu ce, wanda ya tarar da ruwa da yoyo tare zai rasa inda zai sa biro. Ka kuma tsara maganar yadda "Eh" kullum ke nufin lafiya lau. Ta haka mai karɓar takardun zai bi ginshiƙin "A'a" da ido kawai ya ga inda matsala take.

Idan jerin ya wuce shafi ɗaya fa?

Zaɓi layin farko na teburin, a Table Properties ka sa maki a Repeat as header row at the top of each page. Sai ka zaɓi dukkan teburin ka cire maki daga Allow row to break across pages. Lambar famfo da kwanan wata kuwa ka sa gurbinsu a Header, domin shafuka suna rabuwa a cikin jaka.

A Excel na yi, amma da na buga babu layuka ko ɗaya.

Layukan da kake gani a allo ba sa fitowa a takarda sai an nema. Zaɓi teburin ka sa masa All Borders. In kana son akwati a cikin gidan, rubuta:

```
=UNICHAR(9744)
```

Wannan yana aiki daga Excel 2013 zuwa sama. Tsayin layi 24 ya yi daidai da rubutun hannu. A Page Layout, shiga Print Titles, a Rows to repeat at top ka sa `$1:$3` idan kan takardar layi uku ne. Wajen bugawa zaɓi Fit All Columns on One Page, amma ka duba kada rubutun ya ƙanƙance. Excel ya fi dacewa idan famfo biyar za a duba a rana ɗaya, kowanne da ginshiƙansa, a kwantar da takardar da Landscape.

Na buɗe takardar a wata kwamfutar, akwatunan sun koma haruffa.

Alamar da aka ɗauko daga Wingdings ce: asalinta harafi ne, da zarar an canza nau'in rubutun sai "o" ko "q" ya bayyana. Ka adana takardar a PDF kafin ka fita da ita. Kuma kada ka sa inuwa mai duhu a layuka, domin injin kwafi yana mayar da ita baƙi ƙirin, makin biro ya ɓace a ciki. Buga guda ɗaya, yi kwafinta, ka ba ma'aikaci ɗaya ya cike a bakin famfo, ka gyara duk inda ya tsaya yana tambaya kafin ka buga sauran.