Amincewar Duniya Ba Ita Ke Haifar da Ƙasa Ba

A majalisun hira na Agege nakan ji ana cewa yanki ba ya zama ƙasa sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hannu. Wannan kuskure ne, kuma ya daɗe yana damuna. Majalisar tana karɓar mambobi ne kawai. Suwizalan ba ta shiga ba sai 2002, alhali ƙasa ce tun kaka da kakanni.

Yarjejeniyar Montebidiyo ta 1933, wadda ƙasashen nahiyar Amurka suka ƙulla, ta gindaya sharuɗɗa huɗu na zama ƙasa: jama'a mazauna, yanki sananne, gwamnati, da ikon hulɗa da sauran ƙasashe. Ta kuma ce wanzuwar ƙasa ba ta rataya ga amincewar kowa ba. Akwai masanan da ke ganin amincewar ce ke ƙirƙirar ƙasa, amma tambayata gare su ita ce: amincewar ƙasashe nawa?

Dubi Biyafara. Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti sun amince da ita, amma da yankin ya kuɓuce mata a Janairun 1970, amincewar ba ta tsinana mata komai ba.